Yadda ake fasa dogon babi a mayar da shi tashjiri mai hawa-hawa, da Babin Zakka a matsayin misali

Satin da ya wuce wani ƙanenmu da ya gama ma'ahadin lugga, wato sashen koyon larabci, bara ya shigo kulliya ya same ni a ɗaki bayan Isha'i da littafin fiƙihunsa a hannu, yace Malam don Allah duba min, na karanta Babin Zakka sau uku amma da na rufe littafin komai sai ya cakuɗe min. Na karɓa na buɗe, sai naga shafi arba'in da biyu ne babin, kuma kusan kowane layi ya sha alƙalamin nan mai ruwan ɗorawa, har takardar ta yi laushi. Nace masa toh Shehi, in komai muhimmi ne ai ba ka ware komai ba kenan. Muka zauna muka fasa babin tare, abin da muka yi a daren da washegari shi zan rubuta a nan, don shekarata ta shida kenan a Madina ina yin wannan aikin kowane zangon karatu, kuma nasan sabbin ɗalibai da yawa suna shan wannan wahalar.

Abin da ake nufi da tashjiri shi ne ka fito da ƙashin babin, wato yadda marubucin da kansa ya gina shi: babban kai, ƙananan kai a ƙarƙashinsa, sannan kalmomin fannin da ma'anarsu, sannan misalin da ke gwada kowace ƙa'ida. Ya bambanta da talkhisi, shi talkhisi gajarta magana kake yi a jere, shi kuma tashjiri nuna maka yake yi wace magana ce uwa wace ce 'ya.

Kayan aiki

Fensir da abin goge shi, wannan dole ne, domin zagaye biyu na farko duk da fensir ake yi. Biro kala uku, ni baƙi nake amfani da shi wa kanun magana, ja wa kalmomin isɗilahi, shuɗi wa misalai. Farar takarda mara layi guda biyu ko uku, in ka samu babba A3 ya fi, in babu ka haɗa A4 guda biyu da salatif ta baya, ka kwantar da ita a faɗi. Sai daftari na wannan maddar kaɗai, kar ka haɗa fiƙihu da nahawu a daftari ɗaya. Sai 'yan takardun nan masu mannewa, duk maktabar da ke sayar da kayan rubutu akwai su.

In littafin na aro ne, ko kana zaune a maktabar Harami, wato Masallacin Annabi, inda ba ka da damar yin rubutu a cikin littafi, to ka ninke farar takarda gida biyu a tsaye, gefe ɗaya lambar shafi, ɗaya gefen alamar da da za ka sa a hashiya. In kuma muzakkirar duktur ce, wato takardun darasin da malami ya rubuta, a waya, shawarata ka buga babin a takarda ko da shafi biyu-biyu ne a fuska ɗaya, saboda fasa babi yana buƙatar ka riƙa komawa baya da sauri, a waya kuwa kafin ka gungura ka dawo zaren ya kuɓuce maka.

Mataki na 1: Ka san iyakar babin kafin ka fara karantawa

Buɗe fihirisi, ka ga ina babin ya fara, ina ya ƙare, me ya gabace shi, me ya biyo shi. A yawancin littattafan fiƙihu zakka tana zuwa bayan sallah da jana'iza, azumi ya biyo ta. Ka ƙirga shafukan ka rubuta adadin a saman takardarka. Sannan ka bi babin kana juya shafi kawai kana kwafe duk wani unwani da marubucin ya sa, da lambar shafinsa. Minti goma zuwa sha biyar ya isa. Kar ka tsaya fahimtar komai tukuna.

Namu ya fito haka, da adadin shafukan da kowanne ya ci: ma'anar zakka da hukuncinta shafi 3, sharuɗɗan wajabci shafi 5, zakkar dabbobi shafi 11, amfanin gona shafi 6, zinare da azurfa shafi 5, kayan kasuwanci shafi 3, zakkar fidda kai shafi 4, waɗanda ake ba wa zakka shafi 5. Kaga tun daga nan ka san inda nauyin yake, dabbobi sun ci sama da kashi ɗaya cikin huɗu na babin, can za ka fi daɗewa.

Mataki na 2: Ka nemo tambayar da kowane kai yake amsawa

Nan ne ainihin aikin, in ka samu wannan sauran duk mai sauƙi ne. Unwanai takwas ɗin can da muka kwafa, fihirisi ya jera su kamar duk matsayinsu ɗaya, alhali ba haka bane. Ka ɗauki kowanne ka tambayi kanka, wannan wace tambaya yake amsawa? Ma'ana da hukunci suna amsa "mece ce zakka". Sharuɗɗa suna amsa "wa ta wajaba a kansa, kuma yaushe". Waɗanda ake ba wa suna amsa "ina za a kai ta". Toh dabbobi fa, da amfanin gona, da zinare da azurfa, da kayan kasuwanci? Dukkansu huɗun tambaya ɗaya suke amsawa, wato "a wace dukiya ake fitarwa, kuma nawa". Ashe kenan su 'yan uwa ne, ɗaki ɗaya suke, sai ka ƙirƙiro musu uwa ko da marubucin bai rubuta ta ba, ka kira ta "dukiyoyin da ake fitar wa zakka". Ita kuma zakkar fidda kai gefe take tsayawa ita kaɗai, domin ita a kan mutum take ba a kan dukiya ba, ba ruwanta da nisabi ko zagayowar shekara.

Sai takwas ta koma biyar, kuma biyar ɗin nan su ne hawa na farko:

1. Mece ce zakka, meye hukuncinta
2. Sharuɗɗan wajabcinta
3. Dukiyoyin da ake fitar wa zakka
4. Waɗanda ake ba wa
5. Zakkar fidda kai

Ni ƙa'idata in hawa na farko ya wuce bakwai to nasan akwai 'yan uwan da ban haɗa ba, sai in koma in sake tambaya. In kuma ya tsaya a biyu, to na dunƙule abubuwan da ba jinsi ɗaya ba.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya raba abu ɗaya da ma'auni biyu a layi ɗaya. Ƙanen nan nawa a gwajinsa na farko ya rubuta a ƙarƙashin dukiyoyi: dabbobi, nisabi, zinare, hauli, hatsi. Nace masa karanta su a jere ka sa "wannan nau'in dukiya ne" a bayan kowanne. Dabbobi nau'in dukiya ne, eh. Nisabi nau'in dukiya ne? Sai ya yi shiru, ya ɗauki abin goge fensir. Wannan gwajin shi nake yi har yau, duk abubuwan da ke jere a hawa ɗaya dole jimla ɗaya ta hau kansu duka, wanda ta ƙi hawa kansa to ba gidansa bane nan.

Mataki na 3: Karatu na gaske, da fensir a hashiya

Yanzu ka karanta babin a natse, sashe-sashe, ba lallai a zama ɗaya ba. Kowace faƙara ka gama ka sa mata harafi ɗaya a gefe: K in sabon kai ne ko rabe-rabe, I in isɗilahi ne ake fassarawa, H in hukunci ne ko sharaɗi, D dalili, M misali, S saɓanin malamai. Faƙarar da ka kasa ba ta harafi ka sa mata alamar tambaya ka wuce, sau da yawa sai ka kai ƙarshen sashen za ka gane ko shimfiɗa ce ko kuwa wata fa'ida ce marubucin ya tsarma.

Littattafan larabci suna da sauƙi a nan don marubutan suna sanar da kai abin da za su yi. In kaga "yanƙasimu ila" ko "wa huwa anwa'un" to rassa na zuwa, ka shirya ƙirga su. "Luggatan" da "isɗilahan" ta'arifi ne. "Wa yushtaraɗu" sharuɗɗa. "Liƙaulihi ta'ala" ko "lihadisi" dalili. "Misaluhu" da "falau anna rajulan" misali. "Wa ƙila" da "wa zahaba" saɓani. Wadda nake so ka fi sa wa ido ita ce "illa" da "wa yustasna", togaciya kenan, kuma ita aka fi mantawa a tashjiri alhali duktur can yake son ɗauko tambaya.

In marubuci yace sharuɗɗa biyar ne, ka sa lamba 1 zuwa 5 a hashiya har sai sun cika. Wani lokaci zai faɗi na uku ya shiga bayani na shafi biyu sannan ya dawo yace "warrabi'u", in ba ka ƙirga ba sai ka ɗauka na huɗun wani sabon kai ne. Ya taɓa faruwa da ni a shekarata ta farko, na shiga jarrabawa da sharuɗɗa huɗu a kai, na biyar ɗin yana can na maƙala shi a wani reshe daban, kuma tun daga ranar ba na barin lissafi a buɗe.

Mataki na 4: Hawa na biyu da na uku

Ɗauko babbar takardar. Sunan babin a sama, kanun nan biyar a jere a ƙarƙashinsa da baƙin biro, ka bar wa na uku fili mafi girma tunda ka riga ka san shi ya fi kaya. Sai ka bi alamun K da H ka zuba su. Ƙarƙashin sharuɗɗa: Musulunci, 'yanci, mallakar nisabi, cikakkiyar mallaka, zagayowar shekara. Ƙarƙashin dukiyoyi: dabbobi, amfanin gona, zinare da azurfa, kayan kasuwanci. Wannan hawa na biyu kenan. Dabbobi kuma su sake rabuwa zuwa raƙuma, shanu, tumaki da awaki, hawa na uku.

Ga wata dabara da ke rage aiki sosai. Idan 'yan uwa suna jere a hawa ɗaya, ka yi musu tambayoyi iri ɗaya kuma a tsari ɗaya. Kowace dukiya a babin nan tambaya huɗu take amsawa: meye nisabinta, nawa ake fitarwa, ana jiran shekara ko a'a, akwai wani sharaɗi nata na kanta? Zinare nisabinsa misƙali 20, wanda malaman zamani da yawa suka ƙaddara da giram 85, ana fitar da rubu'ul ushuri wato 2.5 cikin ɗari, ana jiran shekara. Azurfa dirhami 200, wajen giram 595, abin fitarwa ɗaya ne da na zinare. Amfanin gona wusuƙi 5, kowane wusuƙi sa'i 60, jimla sa'i 300, ana fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa aka yi, kuma ba a jiran shekara, ranar girbi ake fitarwa. Da ka jera su haka, in wani gurbi ya zauna babu komai za ka gan shi da idonka, sai ka koma littafi ka nemo. Marubucin ba lallai ya kawo su a wannan tsarin ba, wani wajen ya fara da adadi wani wajen ya fara da dalili, kai ne za ka daidaita su.

Toh ina za ka sa togaciya? Ka lura mun rubuta zagayowar shekara a cikin sharuɗɗa na gaba ɗaya, sai ga amfanin gona ba ya jiran shekara. Ka sa togaciyar a ƙarƙashin sharaɗin da ta warware, wato a reshe na 2.5, sharaɗi na biyar a kai na biyu, ka rubuta "banda: amfanin gona, 'ya'yan da dabbobi suka haifa, ribar kasuwanci", domin 'ya'yan dabbobi shekarar iyayensu suke bi, riba kuma shekarar uwar kuɗi take bi. Sannan a reshen amfanin gona ka sa 'yar kibiya ka rubuta "duba 2.5". Kar ka rubuta bayanin a wuri biyu, in ka yi haka ranar da ka gyara ɗaya za ka manta ɗayan.

Kar ka wuce hawa huɗu. In ka ga kanka kana rubuta 3.1.2.4.1 to ka fara kwafe littafin ne kawai. Haka kuma reshe ba ya haihuwar ɗa ɗaya, in kana da 3.1.1 babu 3.1.2 to wannan bayanin 3.1 ne, ka rubuta shi a gabansa kawai. Sai dai in littafin ne irin wanda ake yi masa babi, fasali, mabhasi, maɗlabi, mas'ala, shi wannan marubucin ya riga ya yi maka rabin aiki, ka bi tsarinsa amma ka gwada shi da tambayar mataki na 2, don wani lokaci ana sa mabhasi biyu daban alhali magana ɗaya ce.

Mataki na 5: Kalmomin isɗilahi

Ba kowace kalma mai wuya ce isɗilahi ba. Kalmar da ba ka sani ba saboda larabcinka bai kai ba, ka duba ƙamus ka rubuta ma'anarta da fensir a saman kalmar, shikenan, ba ta shiga tashjiri. Isɗilahi ita ce kalmar da hukunci ya rataya a kanta, wadda in ka fahimce ta a karkace amsar mas'ala za ta canza. A shafi arba'in da biyun nan mun fitar da goma sha takwas kacal.

Ka rubuta kowace da jan biro a reshen da ta fara aiki, da ma'ana a layi ɗaya. Wasu mutane suna tara su duka a shafin ƙarshe kamar ƙamus, ni bana so, domin kalmar da aka cire daga gidanta ba ta zama a kai. Nisabi: mafi ƙarancin dukiyar da zakka ke wajaba a cikinta. Hauli: cikar shekara guda ta wata. Waƙasi: adadin da ke tsakanin nisabi biyu a dabbobi, ba a ƙara komai saboda shi. Sa'ima: dabbar da ke kiwo a daji mafi yawan shekara ba a sayo mata abinci. Bintu makhadi: raƙuma da ta cika shekara ɗaya. Bintu labuni: shekara biyu. Hiƙƙa: uku. Jaza'a: huɗu. Waɗannan huɗun ka jera su kusa da juna da lambobinsu, don ruɗewa suke yi.

Kalmar ka bar ta da larabcinta kamar yadda take a littafin, don da ita za ka amsa jarrabawa, amma a gefe ka faɗi ma'anar da hausarka. Idan ka kasa faɗin ta da hausa to haddace ta ka yi ba ka gane ta ba. In ta'arifin irin wanda duktur yace a haddace ne lafazi da lafazi, ka kwafe shi cikakke a daftari ka sa lambar shafi, a tashjiri kuma gajeren ya isa.

Ga wani abu da ya shafe mu musamman mu da muka taso da karatun zaure a mazhabar Malikiyya muka zo nan. Kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu. Tabi'i a littafin da muke karantawa ɗan maraƙi ne mai shekara ɗaya, musinna mai shekara biyu, amma a wajen Malikiyya tabi'i mai shekara biyu ne musinna mai uku. Haka sharaɗin kiwo a daji, jamhuru sun sa shi, Malikiyya ba su sa ba, ko turke ka yi wa dabba kana ba ta dusa da harawa akwai zakka in ta kai nisabi. Irin wannan kar ka buɗe masa sabon reshe, ka rubuta abin da littafin muƙarrari, wato wanda ake karantar da ku da shi, ya tafi a kai a cikin reshen, sannan a gefe cikin ɗan akwati ka sa S ka rubuta wa ya saɓa da hujjarsa a taƙaice. In kuwa littafin na fiƙihul muƙarani ne wanda saɓanin shi ne ainihin darasin, to nan tsarin yana juyawa, kowace mas'ala ta zama kai, ƙarƙashinta maganganu, dalilai, sababin saɓani, sai rajihi.

Mataki na 6: Misalai, da lambobin da ya kamata su koma jadawali

Kowace ƙa'ida misali ɗaya na littafi, ɗaya naka. Na littafin ka gajarta shi, naka kuwa ka ƙirƙira da abin da ka sani, kuma ka yi lissafinsa har ƙarshe. Mai riyal 40,000 da suka shekara a hannunsa, 40,000 raba 40, zai fitar da riyal 1,000. Manomin da ya samu buhun gero 40 da damina zai fitar da 4, da noman rani ne da injin ban ruwa sai 2. Mai zinare giram 100 zai fitar da giram biyu da rabi.

Misalin da ya fi amfani shi ne wanda yake tsaye a bakin iyaka. Ɗauki tumaki da awaki. Daga 40 zuwa 120 akuya ko tunkiya ɗaya, 121 zuwa 200 biyu, 201 zuwa 399 uku, daga nan kowace ɗari ɗaya. In ka ba kanka misali da 80 ba ka koyi komai ba, amma gwada 39, 120, 121, 350. Na tambayi ƙanen nan mai tumaki 350 nawa zai fitar, yace huɗu, saboda a ransa an wuce ɗari uku an shiga ta huɗu. Uku ne, sai sun cika 400 ake ba da huɗu. Wannan 350 ɗin shi muka rubuta da shuɗi a gaban kalmar waƙasi, kuma na tabbata ya zauna masa fiye da ta'arifin. A shanu ma haka, kowace 30 tabi'i, kowace 40 musinna, sai ka gwada 60 kaga tabi'i biyu, 70 kuma tabi'i ɗaya da musinna ɗaya.

Irin waɗannan lambobin kar ka matsa musu su zama rassa, takardar za ta cushe. Ka zana ɗan jadawali mai gida biyu, adadi da abin fitarwa, ka manna shi a gefen reshen. Na raƙuma shi ya fi tsawo: 5, 10, 15, 20 ana ba da akuya ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai 25 bintu makhadi, 36 bintu labuni, 46 hiƙƙa, 61 jaza'a, 76 bintu labuni biyu, 91 hiƙƙa biyu har zuwa 120. Shafi huɗu na littafi ya koma layi goma.

Dalili kuma alama kawai ake sa masa a tashjiri. Masu karɓar zakka takwas, ka rubuta Tauba 60. Fitarwa ranar girbi, An'am 141. Nisabin raƙuma da tumaki, wasiƙar Sayyidina Abubakar ga Anas, a Bukhari. Shanu, hadisin Mu'azu lokacin da aka aike shi Yaman. Cikakken nassin yana daftari in ana buƙatar hadda.

Ga yadda reshe ɗaya yake kasancewa in ya kammala:

3. Dukiyoyin da ake fitar wa zakka
 3.1 Dabbobi (sharaɗi: su zama sa'ima. S: Malikiyya ba su sharɗanta ba)
  3.1.3 Tumaki da awaki (ana haɗa su a lissafi)
   Nisabi: 40. Hauli: eh
   40–120: 1 / 121–200: 2 / 201–399: 3 / sannan kowace 100: 1
   Waƙasi: tsakanin nisabi biyu, babu ƙari. Misali: 350 = 3
   Dalili: wasiƙar Abubakar. Shafi: ka sa lambar

Lambar shafin nan kar ka raina ta. Wata biyu nan gaba za ka duba wani layi ka rasa me kake nufi, ita za ta mayar da kai wajen cikin minti ɗaya.

Mataki na 7: Gwaji, sannan kwafi mai tsafta

Ka bar takardar ta kwana. Washegari ka kife ta, ka rufe littafi, ka ɗauki farar takarda ka zana hawa na farko da na biyu daga ka. Sannan ka buɗe ka gwada. Inda ka manta reshe ɗaya ba matsala, maimaici ne zai gyara. Amma in kullum wuri ɗaya kake cakuɗawa to rabon ne bai yi ba, ka koma mataki na 2 a wannan wajen. Gwaji na biyu, ka buɗe littafin a kowane shafi ka ɗora yatsa a kan faƙara, ka ce wannan ina gidanta a tashjirina? Ka yi sau biyar. In biyu ba su da gida akwai reshen da ka zubar. Mu a nan muka gano mun bar mas'alar khulɗa gaba ɗaya, wato mutum biyu su haɗa garkensu, tana cikin faƙarorin da aka sa wa alamar tambaya ba mu koma kansu ba, sai muka buɗe mata 3.1.4.

Bayan wannan ne za ka yi kwafi mai tsafta da biro. Babin shafi arba'in yakan ba ni babbar takarda ɗaya ta hawa uku, da shafi biyar ko shida na daftari masu ɗauke da kalmomi, jadawali da misalai. In naka ya kai shafi goma sha biyar ka sake dubawa, galibi dalilai ka kwafe cikakku ko misalai sun yi yawa. Lokacin da yake ci kuwa, mu ya ɗauke mu kamar awa biyar a zama uku, kai kaɗai a karon farko zai iya fin haka, kuma gara ka yi shi a satin da ake karantar da babin, don abin da duktur ya tsallake a muhadara ko ya daɗe a kansa za ka sa masa alama tun yana sabo a kanka.

Mai son yi a kwamfuta, a Word ka sa hawa na farko Heading 1, na biyu Heading 2, na uku Heading 3, sannan ka kunna Navigation Pane a ƙarƙashin View, zai nuna maka ƙashin babin a gefe kuma kana iya jan reshe ka mayar da shi wani wuri da duk abin da ke ƙarƙashinsa. Amma ko da haka zagayen farko ka yi shi da fensir. Tashjirin da ake yawo da shi a gurup na 'yan ajinku kuma, ka karɓa bayan ka gama naka ka gwada su, wani lokaci za ka ga ya kama reshen da ka bari, wani lokacin kuma bugun littafin da ya yi amfani da shi ba irin naka bane, lambobin shafinsa ba za su kai ka ko'ina ba, sai ka bi da fensir ka gyara su da naka kafin ka dogara da shi.